Saƙonni biyar na gaggawa, darakta kuma sakin layi ɗaya take so

Sabuwar Hannu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar tafiyar da ayyuka. An ɗora mini haɗa rahoton mako na wani aiki da muke yi, wato sauya rajistar kayan sito daga takarda zuwa sabuwar manhaja. Sito uku ne, kuma an tsayar da Litinin 31 ga Maris a matsayin ranar fara amfani da manhajar. Darakta ta ce sakin layi ɗaya take so kowace Juma'a, ba ta son dogon jeri. Ga abin da 'yan tawaga suka turo mini yau Alhamis 13 ga wata, yadda suka rubuta shi:

Mai manhaja: "shafin rajista na gama. na rahoton wata saura kaɗan, 90%, gobe in sha Allah"
Mai shigar da bayanai: "mun kai 4200 cikin 6000. akwai masu maimaici na ware su gefe"
Mai sayayya: "sikana ba su iso ba, ɗan kwangila ya ce mako mai zuwa"
Mai horarwa: "horo Litinin kamar yadda aka tsara, komai lafiya"
Mai gwaji: "ina jiran a buɗe min asusu"

Ni kuma ga abin da na haɗa:

"A wannan mako an samu ci gaba sosai. An kammala shafin rajista, shafin rahoton wata ya kai kashi 90, an shigar da kashi 70 na bayanai, ana sa ran isowar sikana mako mai zuwa, horo zai gudana ranar Litinin, gwaji kuma zai fara nan ba da jimawa ba."

Babu ƙarya a ciki, amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Me ya rage?

Autan Zaure:
Wa alaikumus salam. Yaya, ai wannan ba abin wahala ba ne. Ki buɗe Excel ki yi layi biyar, suna a hagu, abin da mutum ya ce a dama, ki tura mata. Kowa ya ɗauki nauyin maganarsa, ke ba ruwanki.

Sabuwar Hannu:
Na gode ƙanena, amma irin wannan jerin ne ta ce ba ta so. Ta ce in da saƙonnin take buƙata da sai ta shiga rukunin tawagar ta karanta da kanta.

Hajiya Sakatariya:
'Yata, rubutunki ba shi da laifi, gyara kaɗan yake so. Jimlarki ta biyu ta yi tsawo, waƙafi biyar a jere, mai karatu zai yi haki kafin ya kai aya. Ki raba ta uku: abin da aka gama, abin da ake kai, abin da ke tafe. Sannan ki cire "sosai" da "nan ba da jimawa ba", domin a takardar ofis ba sa ɗauke da komai. Kuma duk inda aka ce "gobe" ko "mako mai zuwa" ki mai da shi kwanan wata. Darakta tana iya buɗe rahoton ranar Talata, a lokacin "gobe" ta zama wata rana dabam.

Tsohon Manaja:
Hajiya ta faɗi gaskiya a kan kwanan wata, kuma shi ne gyara na farko da nake yi wa kowane rahoto. Amma Malama, tun kafin a zo ga gyaran jimla akwai aikin da ba a yi ba tukuna. Kin jera saƙonnin nan ɗaya bayan ɗaya, ba ki sa su fuskanci juna ba. Kowane ɗayansu daga kujerarsa ya rubuto, abin da ke gabansa kawai yake gani. Ke kaɗai ce kike riƙe da guda biyar ɗin a hannu, shi ya sa aka ba ki aikin.

Ki ajiye na uku kusa da na huɗu ki sake karantawa. Mai horarwa ya ce Litinin za a yi horo, komai lafiya. Mai sayayya ta ce sikana ba su iso ba. To da me za a horar da ma'aikatan sito ranar Litinin? In rabin horon a kan karanta lambar kaya da sikana ne, to "komai lafiya" ɗin nan lafiyar ɗakin taro ce da kujeru. Mai horarwa bai yi ƙarya ba, wataƙila bai ma san na'urorin ba su zo ba.

Sai ki ajiye na ɗaya kusa da na biyar. Mai manhaja ya ce ya gama shafin rajista, mai gwaji kuma ko asusun shiga manhajar bai samu ba. Ke nan shafin an rubuta shi, ba a gwada shi ba. In kika rubuta wa darakta "an kammala", ita abin da za ta ji shi ne an gama an rufe babin, za ta iya faɗa wa na sama da ita haka. Kalmar da ta dace ita ce "an gama rubutawa, ana jiran gwaji".

Saƙon da ya fi kowanne gajarta, na mai gwaji, shi ne ya fi tayar mini da hankali. Kalma shida ne, babu ƙorafi a ciki, amma mutum ne zaune hannu rabbana, kuma duk abin da zai biyo baya yana jiransa. A rubutunki ya koma "gwaji zai fara nan ba da jimawa ba", wato an shafe matsalar gaba ɗaya ba tare da kin yi niyya ba.

Mai Lissafi:
Ni a ganina abin da rahoton ya rasa shi ne adadi guda ɗaya da darakta za ta kama. Manya ba sa son labari, lamba suke so. Ki ɗauki rajista 100, rahoton wata 90, bayanai 70, sikana 0, gwaji 0, ki haɗa ki raba biyar, ya ba ki 52. Sai ki buɗe da cewa aikin ya kai kashi 52 cikin ɗari. Abu na biyu, 4,200 ɗin nan ita kaɗai ba ta faɗi komai ba. Nawa ne a makon jiya? Sai kin san nawa suke shigarwa a mako kafin ki san ko za su kai.

Tsohon Manaja:
Malam, maganarka ta biyu na karɓe ta hannu bibbiyu, zan ma dawo kanta. Ta farkon ce ban yarda da ita ba. Abubuwan da ka haɗa ba nauyinsu ɗaya ba. Shigar da bayanai aikin makonni ne na mutane da yawa, isowar sikana kuwa rana ɗaya ce, ko sun zo ko ba su zo ba. Ranar da mota ta sauke su, lissafinka zai tashi daga 52 zuwa 72 alhali ba wanda ya ƙara ko awa ɗaya ta aiki. Sannan 70 ɗin ƙirge ce, an ƙidaya ta, 90 ɗin kuwa ƙiyasin mutum ne a kan aikin kansa da yammacin Alhamis. In aka zuba su wuri ɗaya aka raba, sai a samu lamba mai kama da ta gaskiya wadda ba wanda zai iya kare ta in an tambaya. Kuma ko da 52 ɗin daidai ce, ba ta amsa tambayar darakta ba. Tambayarta ɗaya ce: ranar 31 tana nan ko ba ta nan, kuma me kuke so in yi?

Mai Lissafi:
To a ba kowanne nauyinsa mana, gwargwadon kwanakin aikin da yake ci. Haka ake yi a manyan ayyuka.

Tsohon Manaja:
Ana yi, amma tun farkon aiki ake tsayar da nauyin a rubuce, kowa ya sani, ba ranar rubuta rahoto ake ƙirƙiro shi ba. In ba su tsayar ba tun farko, kada ta fara yanzu.

Ɗan Manhaja:
Bari in sa baki a kan 90 ɗin, tunda irin aikina ne. Wanda ya rubuta 90% bai yi nufin yaudara ba. Abin da yake nufi shi ne ya gama duk abin da yake gani, abin da ya rage kuma bai san girmansa ba tukuna. Tom Cargill na cibiyar bincike ta Bell Labs yana da wata magana da ta yaɗu tun 1985, cewa kashi 90 na farko na rubutun manhaja yana cin kashi 90 na lokaci, ragowar kashi 10 kuma ya sake cin wani kashi 90. Duk wanda ya taɓa wannan sana'a ya san abin da ake nufi. Saboda haka 'yar'uwa, kada ki tambaye shi kashi nawa ya rage, zai ce miki 10. Ki ce masa ya lissafo miki abubuwan da suka rage da sunansu. In ya ce saura maɓallin bugawa, wannan aikin sa'o'i ne. In ya ce saura a ga jimillar manhaja ta yi daidai da ta littafin akawu, to wannan ba wanda ya san ranar gamawarsa sai an zauna an gwada.

A wurinmu mun daina karɓar kashi a ƙananan ayyuka. Aikin da bai wuce mako ba, ko sifili ne ko ɗari, babu tsaka-tsaki. Wasu kuma suna ba da 50 in an fara, sauran 50 sai an gama. Duka biyun sun fi ƙiyasin baki.

Injiniyan Gini:
Wannan magana ta "an gama" ta taɓa ni. A wani gini da na kula da shi, mai wayarin ya turo cewa ya gama hawa na biyu, wanda ke haɗa rahoto ya rubuta haka, aka kira masu filasta suka rufe bango. Ashe abin da yake nufi shi ne ya ja waya cikin bututu, ba a gwada layukan ba. Da aka zo gwaji aka samu layi biyu ba sa kawo wuta, sai da aka fasa bangon da aka shafe jiya-jiya. Ba wanda ya yi ƙarya, amma "na gama" ta mai wayarin da "an gama" ta mai rahoto ba abu ɗaya ba ne. Tun daga nan, in mutum ya ce mini ya gama, sai in ce: wa ya duba, kuma na bayanka zai iya fara nasa yau?

Sabuwar Hannu:
Allah ya saka da alheri, idona ya buɗe. Amma Yallaɓai Manaja, gobe da azahar ake son rahoton. In na ce zan bi kowa da tambayoyi, ai za su ce na mai da kaina mai bincike, ga shi duk sun girme ni a wurin.

Tsohon Manaja:
Ba bincike za ki yi ba, tambaya ɗaya ko biyu ce ga kowa, kuma a waya ko a tsaye bakin teburinsa, kada ki yi ta a rukuni inda kowa ke kallo. Mutum ya fi faɗin gaskiyar inda ya tsaya in ba a gaban jama'a ba ne. Ki fara da cewa kina so ki rubuta aikinsa daidai, kada ki faɗi abin da bai faɗa ba. Ban taɓa ganin wanda ya ƙi wannan ba.

Mai shigar da bayanai ki tambaye ta masu maimaicin nawa ne, suna cikin 4,200 ɗin ko suna waje, kuma nawa aka kai Juma'ar da ta wuce. Mai sayayya ki tambaye ta wace rana ce a mako mai zuwa, a rubuce ɗan kwangilar ya faɗa ko a baki, kuma wannan ne karo na farko da ya ce haka. Mai horarwa, ko horon zai yiwu babu sikana. Mai gwaji, tun yaushe yake jira, wa ya roƙa, kuma kwana nawa gwajin zai ci. Mai manhaja kuma tambayar da Ɗan Manhaja ya ba ki, da ƙarin guda ɗaya: ana buƙatar shafin rahoton wata a ranar farko, ko sai ƙarshen wata? Duka ba zai ci miki awa ɗaya ba gobe da safe.

Sabuwar Hannu:
Barkanmu da Juma'a. Na zagaya, ga abin da na samo.

Masu maimaicin 350 ne, kuma suna cikin 4,200 ɗin. Ke nan tsarkakakku 3,850 ne. Juma'ar da ta wuce tsarkakakku 3,250 ne. Ta kuma ce ƙananan sito biyu an gama nasu kakaf, duk abin da ya rage na babban sito ne.

Sikana guda 12 ne. Makon jiya ma "mako mai zuwa" ɗan kwangilar ya ce. Da mai sayayya ta matsa masa yau, ya turo imel cewa Alhamis 20 ga wata.

Mai horarwa bai san ba su iso ba. Ya ce rabin horon da su ake yi, gara a mai da shi Litinin 24.

Mai gwaji tun Litinin 10 ga wata ya nemi asusun daga sashen kwamfuta. Ya ce gwaji kwana 5 ne na aiki, a kuma bar kwana 3 na gyaran abin da aka gano.

Shafin rahoton wata saura daidaita jimilla da littafin akawu, amma ba a buƙatarsa sai ƙarshen Afrilu.

Mai Lissafi:
Yauwa, yanzu ga lissafi mai kama hannu. Daga 3,250 zuwa 3,850, 600 ke nan a mako. Abin da ya rage 2,150. In aka ci gaba da wannan tafiya, ana buƙatar mako uku da rabi da 'yar ɗoriya, ku kuma mako biyu ne a gabanku, na 17 da na 24. A mako biyu 1,200 za su shigar, a bar 950 a ƙasa. Kafin a kai ranar 31 sai sun riƙa yin 1,075 a mako, kusan ninki biyu. Kuma ki lura, kashi 70 ɗin da kika rubuta jiya ya koma 64.

Tsohon Manaja:
To Malama, kin ga kan labarinki. Jiya da daddare na ɗauka asusun mai gwaji ne babbar matsala, yanzu lissafin Malam ya nuna bayanan babban sito sun fi shi nauyi. Asusun yana nan a matsayin na biyu, kuma shi ma yana da ranarsa. Ki ƙirgo baya daga Juma'a 28: gyara kwana 3 ya ci 26, 27 da 28, gwaji kwana 5 ya ci 19, 20, 21, 24 da 25. Ke nan in ba a buɗe asusun ba zuwa tashin aiki ranar Talata 18, ko ƙananan siton ba za su fara ranar 31 ba. Wannan ranar ce za ki rubuta, domin "da gaggawa" kowa yana fassara ta yadda ya ga dama, 18 ga wata kuwa ba ta da fassara biyu.

Yanzu tsarin sakin layin. Jimlar farko ta amsa tambayar wa'adi kai tsaye, ko da darakta ta tsaya a nan ta san inda aka kwana. Ta biyu ta ba da dalili da lambobinsa. Daga nan abin da ya tafi daidai, a taƙaice, domin haƙƙin masu aikin ne a faɗa. Sai abin da aka riga aka magance, kamar ɗage horo, wanda sanarwa kawai yake buƙata. A ƙarshe abin da ake so ta yi da ranar da ake so ta yi shi. Shafin rahoton wata, wanda ya fi kowa surutu da 90 ɗinsa, rabin jimla ya ishe shi, tunda ko ya makara mako biyu ba abin da zai tsaya. Kuma ki bar bin tsarin da saƙonnin suka shigo wayarki, wanda ya riga turowa ba shi ne ya fi muhimmanci ba.

Sabuwar Hannu:
Ga shi na sake, a duba mini:

"Ranar fara aiki da manhaja, Litinin 31 ga Maris, za ta yiwu a ƙananan sito biyu amma tana cikin haɗari a babban sito. An tantance bayanan kaya 3,850 cikin 6,000, ƙarin 600 a wannan mako. Ragowar 2,150 duk na babban sito ne, kuma a wannan tafiya ba za su kammala ba sai wajen 11 ga Afrilu. An gama rubuta shafin rajista, shafin rahoton wata kuma ba a buƙatarsa sai ƙarshen Afrilu. Gwaji bai fara ba saboda asusun da aka nema tun 10 ga wata bai samu ba. Dole ya samu zuwa Talata 18 kafin ranar 31 ta tsaya. Ɗan kwangila ya tabbatar a rubuce cewa sikana 12 za su iso Alhamis 20, don haka an mai da horo Litinin 24. Muna neman shawararki zuwa Talata 18: a ƙara masu shigar da bayanai, ko a ɗage babban sito zuwa 14 ga Afrilu."

Ɗan Manhaja:
Ya yi kyau ƙwarai. Zaɓin ƙara mutane ne nake ɗan shakka. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin manhajar OS/360 a kamfanin IBM, ya rubuta tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhaja da ya makara yana ƙara masa makara ne, saboda tsofaffin hannu za su bar aiki su koma koyar da sababbi. Kada a ba darakta zaɓin da zai ƙara dagula lamarin.

Tsohon Manaja:
Brooks a kan rubuta manhaja yake magana, inda aikin wannan ke shiga cikin na wancan. Shigar da bayanai yana rabuwa, kowa a ba shi kundinsa ya zauna. Amma ka tuna mini da wani abu: 350 ɗin nan masu maimaici ba aikin sabon hannu ba ne, sai wanda ya san kayan ya ce wannan da wancan abu ɗaya ne ko dabam. Malama, ki tambayi mai bayanan mutum nawa take ganin za su isa, kuma akwai kwamfutar da za su zauna a kai. Sai ki sa adadin a rahoton. "A ƙara mutane" ba abin da darakta za ta iya sa wa hannu ba ne, "a ƙara mutum biyu na mako biyu" kuwa za ta iya cewa e ko a'a.

Hajiya Sakatariya:
'Yata, wannan ya zama rahoto. Amma kafin ki danna turawa, akwai abu biyu da na daɗe ina gani suna ƙona yara a ofis. Na farko, wa ke shugabantar aikin nan? In akwai shugaban aiki tsakaninki da darakta, to kada ya fara jin cewa wa'adinsa na cikin haɗari daga bakin darakta. Ki nuna masa tukuna, ko da minti biyar ne. Haka mai horarwa, kin rubuta "an mai da horo Litinin 24". An mai da shi ne, ko dai ya ce gara a mayar? In ba a tsayar ba, ki rubuta "ana shawarar". Na biyu, na ji daɗi da ba ki ambaci sashen kwamfuta ba. Ki bar shi haka. Rahoto yana yawo, yana iya komawa hannunsu, gobe kuma ke ce za ki je neman wani abu wurinsu.

Injiniyan Gini:
Hajiya, na farkon na bi ki, amma na biyun a yi mini afuwa. In ba a faɗi inda asusun ya maƙale ba, darakta wa za ta kira? Za ta dawo ta tambayi yarinyar nan, an ɓata rana ɗaya cikin 'yan kwanakin da suka rage. Ba sunan mutum na ce a sa ba. Amma sunan sashe ba zagi ba ne, adireshi ne.

Hajiya Sakatariya:
Injiniya, a filin gini ana faɗa wa juna magana a wuce wurin. A ofis rubutu ba ya gogewa. Tana iya faɗa wa darakta da baki.

Tsohon Manaja:
Ni ina tsakiya, amma na fi karkata ga Injiniya. Abin da nake yi shi ne in kira sashen kafin in rubuta, in ce musu abu kaza zai shiga rahoton yau, ko za a iya buɗewa kafin azahar? Sau da yawa kafin ka ajiye waya an buɗe, jimlar ma ta fita daga rahoton. In ba a buɗe ba, sai in rubuta "ana jiran asusu daga sashen kwamfuta, an nema 10 ga wata", ba "sun ƙi" ba, ba "sun yi jinkiri" ba. Abin da ya faru da ranarsa, shi ke nan. Amma Hajiya ta fi ni sanin cewa ofis-ofis ne, akwai inda ko wannan ɗin zai zama laifi.

Autan Zaure:
Ni dai tambayata, duk mako sai an yi wannan zagayen? Ai mutum zai gaji.

Ɗan Manhaja:
Zai ragu in ta canza yadda take neman saƙon. In ka ce wa mutum "ina aka kwana?", abin da ya zo bakinsa zai ba ka. Ta riƙa tura musu tambaya uku tun ranar Laraba: me ka gama wanda wani ya duba, me ya rage da ranar gamawarsa, me kake jira kuma daga wa. Ta ukun ita ce da ta fito da maganar asusun tun makon nan bai yi nisa ba. Amma haɗa na wannan da na wancan, kamar sikana da horo, ba tambayar da za ta ɗauke mata shi.

Sabuwar Hannu:
Na nuna wa shugaban aiki. Ya amince da ɗage horon, don haka "an mai da" ta tsaya. Mai bayanai ta ce mutum biyu za su isa in ita ta koma kan masu maimaicin kaɗai, na sa hakan. Na kira sashen kwamfuta kamar yadda Yallaɓai ya ce, sun ce wanda ke sa hannu ba ya nan sai Litinin, don haka na rubuta "ana jiran sa hannun sashen kwamfuta, sun ce Litinin 17". Hajiya, a gafarce ni, na faɗa musu zan rubuta kuma ba su nuna damuwa ba.

Inda muka tsaya da shugaban aiki shi ne jimlar farko. Yana so a cire "tana cikin haɗari" a sa "ana bibiyar babban sito", wai kada a tayar da hankalin darakta tun ba a ga yadda mako mai zuwa zai kasance ba. Ni kuma ina ganin lambobin da ke biye sun riga sun faɗi haɗarin.

Tsohon Manaja:
"Ana bibiya" ba ta gaya wa darakta cewa akwai abin da ake so ta yanke zuwa Talata ba, ga shi ƙarshen sakin layin yana neman shawararta. Farkon da ƙarshen za su saɓa. In kalmar haɗari ce ta yi masa nauyi, ki ba shi wannan: "babban sito ba zai kai ranar 31 ba sai an ƙara hannu". Babu kalmar da ke tsoratarwa a ciki, kuma ba a rage komai ba.

Hajiya Sakatariya:
Ki kai masa wannan ɗin ki gani. In ya ƙi, ki tuna sunansa ne a kan aikin, ki bar masa jimlar farko, amma kada ki yarda a taɓa 600 da 2,150 da 11 ga Afrilu.

Injiniyan Gini:
Ni da ba zan bar masa ba, Hajiya. Darakta da ke son sakin layi ɗaya, wata rana jimlar farko kaɗai za ta karanta.